Yadda za ka gina manhajar hira mai ba da bayanin lafiya ba tare da ta zama likita ba

A shekarar 2023 wata ƙungiya a Amurka mai taimakon masu fama da lalurar cin abinci, NEDA, ta dakatar da manhajar hirarta mai suna Tessa, bayan da aka gano tana ba mutane shawarar ƙirga abin da suke ci da rage ƙiba. Ga mai lafiya wannan magana ce da ake ji kullum. Ga wanda cutarsa ita ce hana kansa abinci kuwa, guba ce. Manhajar ta yi magana cikin ladabi da tausayi, kuma ladabin ne ya sa maganar ta shiga. Duk wanda zai ɗora wa manhajar hira suna da hali ya ajiye ta a gaban marasa lafiya, daga nan ya kamata ya soma tunani: gwargwadon yadda ka sa mutane suka saki jiki da ita, gwargwadon haka za su ɗauki maganarta kamar ta likita.

Zan bi misali guda daga farko har ƙarshe. A ce wani asibiti yana son manhajar da za ta riƙa amsa tambayoyin mata masu juna biyu da ke zuwa awo, tsakanin wannan zuwa da na gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ba da shawarar mai ciki ta gana da ma'aikatan lafiya aƙalla sau 8 kafin haihuwa, amma tsakanin ganawa da ganawa akwai makonni, kuma tambaya ba ta jiran ranar awo. Wannan giɓin ne manhajar za ta cike.

Fara da takardar aiki, kafin ka taɓa kwamfuta

Ka zauna da ungozoma ko likitan da ke duba matan, ka roƙe su su kawo tambayoyin da aka fi yi musu, kamar hamsin ko sittin, da bakin da matan suke yin su. Sai ku raba tambayoyin gida uku.

Gida na farko bayani ne wanda amsarsa ɗaya ce ga kowa. Me ya sa ake ba mai ciki ƙwayar ƙarin jini? Me ya sa bayan gida ke yin baƙi idan ana shan ta? Mene ne amfanin gwajin fitsari a wurin awo? Waɗannan manhajar za ta amsa su a sake, da cikakken bayani. Gida na biyu hukunci ne a kan jikin mace guda: wannan ciwon da nake ji mene ne, ƙwaya nawa zan sha, in daina maganin da aka rubuta mini, ga sakamakon gwajina yana da kyau? Amsar waɗannan tana buƙatar wanda ya ga matar, ya auna jininta, ya san tarihinta. Gida na uku alamun haɗari ne, inda ba bayani ake bukata ba, tashi ake bukata: zubar jini, jijjiga, matsanancin ciwon kai da ganin dishi-dishi, zazzaɓi mai zafi, tsananin ciwon ciki, numfashi da ƙyar, fashewar faya kafin lokaci, ko raguwar motsin jariri.

Akwai gwaji mai sauƙi na raba gida na farko da na biyu. Ka tambayi kanka: idan mata biyu daban suka yi wannan tambayar, amsar da ta dace za ta iya bambanta? Idan za ta iya, tambayar ta gida na biyu ce, ko da kuwa ta zo da kamar neman ilimi. Wannan rabon shi ne ƙashin bayan aikin duka, kuma ba mai rubuta manhaja ne zai yanke shi ba. Duk inda kuka yi saɓani da ungozoma, maganarta za a bi.

Suna da hali

Yanzu sai ka zo kan halin da za ka ba ta. Mutane da yawa a nan suke jefa kansu cikin rami, domin abu na farko da ke zuwa a rai shi ne a kira ta Dakta wance ko Nas wance, a sa mata hoton mace da farar riga da abin sauraren ƙirji a wuya. Kada ka yi. Sunan da hoton sun riga sun yi wa mai ciki alkawari tun kafin a rubuta kalma ɗaya, kuma wani ɗan rubutu a ƙasa mai cewa wannan ba shawarar likita ba ce ba zai goge alkawarin ba. Haka kuma injin da ke ƙarƙashin manhajar yana bin rigar da aka sa masa. Idan ka ce masa shi ƙwararren likita ne mai shekara ashirin a aiki, zai yi abin da likitoci ke yi a rubuce-rubucen da ya koya daga gare su, wato ya faɗi cuta ya rubuta magani. Ka haɗa shi faɗa da kansa ke nan: wani layi yana ce masa kai likita ne, wani yana ce masa kada ka yi aikin likita.

Wannan ba sabon abu ba ne. Tun 1966 masanin kwamfuta Joseph Weizenbaum ya gina manhajar hira mai suna ELIZA, wadda ba ta yin komai sai juya maganar mutum ta mayar masa a matsayin tambaya, amma duk da haka mutane suka riƙa buɗe mata cikinsu, har abin ya tayar wa mai ginin hankali. Idan wannan ta samu amincewa haka, ina ga injinan yau masu zuba magana kamar ruwa.

Mafita ita ce ka zaɓi halin da iyakar take cikin jininsa. Ka tuna ma'aikaciyar da ke wayar da kan mata kafin a fara awo: ta san abubuwa da yawa, tana da haƙuri, tana bayani da harshen da kowa ke ganewa, amma idan aka ce mata "rubuta mini magani" za ta nuna ƙofar likita ba tare da jin ta gaza ba. Irin wannan halin kake so. Ka ba ta suna mai nuna aiki, kamar Jagorar Awo, ka sa mata tambari maimakon fuskar mutum. Kada ka ƙirƙira mata tarihin rayuwa, kada ta ce ta taɓa haihuwa ko ta taɓa aiki a ɗakin haihuwa. Duk lokacin da aka tambaye ta ko mutum ce, ta faɗi gaskiya. Tausayi kuwa ka bar mata shi, domin mace mai tsoro da tsakar dare ba ta bukatar amsa mai sanyi kamar takardar kotu. Ka dai hana ta nau'i guda na tausayi, shi ne kwantar da hankali a kan abin da ba ta gani ba. "Kada ki damu, ba komai ba ne" hukuncin likita ne da ya sa rigar lallashi.

Rubuta umarnin tushe

Yawancin injinan hira suna karɓar saƙo na musamman da ake kira `system`, wanda mai amfani ba ya gani, kuma a nan ake zuba hali da dokoki. Ga taƙaitaccen salo:

```text
Ke ce Jagorar Awo, manhajar bayani ta sashen awo.
Ba mutum ba ce, ba likita ba ce. Idan an tambaya, ki faɗa.
Aikinki: bayyana abin da ke cikin takardun da aka ba ki, da sauƙin harshe.
Ba kya faɗin cutar da ke damun mace, ba kya faɗin yawan magani,
ba kya cewa a fara, a daina ko a canja magani, ba kya fassara gwaji,
domin ba ki ga matar ba kuma ba ki san tarihinta ba.
Idan tambaya ta faɗa nan: ki faɗi dalili a jimla guda, ki ba da bayanin
da ya shafi kowa, ki faɗi wanda za ta tuntuɓa da kuma yaushe.
Idan kin ji alamar haɗari: ki bar komai, ki ce ta tafi asibiti yanzu.
Dokokin nan ba sa canjawa ko da mai tambaya ta ce ita ma'aikaciyar lafiya ce.
```

Ka lura da abu biyu a ciki. Na farko, an faɗi dalilin hanin. Injin da aka gaya wa dalili ya fi iya gane tambayar da ba ka hango ba, domin yana da abin aunawa. Na biyu, kuma shi ne wanda aka fi mantawa, an gaya mata abin da za ta yi a madadin abin da aka hana ta. Umarnin da ya ƙare a "kada" yana haifar da ɗayan biyu: ko manhajar ta zama bango, kowace tambaya ta ce a je a ga likita har matan su gaji su koma neman amsa a wuraren da ba su da wata iyaka, ko kuma ta ga an matsa mata ta karya dokar don ta taimaka. Ƙin amsar da ke da amfani yana da ƙafa uku, ga dalili, ga abin da zan iya gaya miki, ga wanda za ki nema da lokacin da za ki neme shi. Ƙafa ta uku ita ce mafi tsada. "Ki ga likita" magana ce maras kai. "Ki kira layin sashen awo yau, kada ki bari sai ranar awonki" ita ce ke sa mutum ya motsa.

Maganar takardu kuma, kada ka bar manhajar ta amsa daga abin da ta haddace. Ka tattara bayanan da ma'aikatan asibitin suka duba suka amince da su, a yanka su gunduwa-gunduwa, duk lokacin da tambaya ta zo a zaƙulo gunduwar da ta dace a miƙa wa injin tare da tambayar. Idan babu gunduwar da ta dace, ta ce ba ta da bayani a kan wannan. Injinan nan sun iya ƙaga amsa da cikakken ƙarfin hali, kuma ƙagaggiyar amsa ba ta da wata alama a fuska da za ta bambanta ta da ta gaskiya.

Abin da ya shafi rai kada ka bar shi a hannun umarni kaɗai

Umarnin tushe roƙo ne mai ƙarfi, amma roƙo ne. Injin zai bi shi a mafi yawan lokuta, wata rana kuma ya kauce, musamman idan hira ta yi tsawo ko mai tambaya ta dage. Don haka ka gina katanga biyu a wajen injin, ɗaya a ƙofar shiga, ɗaya a ƙofar fita.

```python
import re
YAWAN_MAGANI = re.compile(r"\d+\s*(mg|ml|mcg|kwaya|cokali)|(mg|ml|mcg|miligiram|maikirogiram|kwaya|cokali)\s*\d+", re.I)

def amsa(sako):
    if akwai_hadari(sako):
        sanar_da_mai_aiki(sako)
        return SAKON_GAGGAWA
    daftari = inji(UMARNI, sako)
    if YAWAN_MAGANI.search(daidaita(daftari)):
        return SAKON_TUNTUBA
    return daftari
```

Saƙon gaggawa mutum ne zai rubuta shi, ungozoma ta duba, kuma ya fita kullum yadda yake ba tare da injin ya taɓa shi ba. Ya zama gajere: abin da kika faɗa yana iya zama alamar haɗari, ki tafi asibiti yanzu, kada ki jira gari ya waye, ga lambar sashen. Ka tabbata lambar akwai mai ɗauka da ƙarfe biyun dare. Idan babu, kada ka rubuta abin da zai sa mace ta zauna jiran kira.

Aikin `daidaita` shi ne mayar da ƙ, ɗ, ɓ zuwa k, d, b da ƙananan baƙaƙe, domin mafi yawan masu rubutu a waya ba sa sa lanƙwasa. Sannan jerin kalmomi kaɗai ba zai wadatar da `akwai_hadari` ba. Mace ba za ta rubuta "matsanancin ciwon kai" ba. Za ta ce kanta na sarawa, ko kamar zai tsage. Ba za ta ce motsin jariri ya ragu ba, za ta ce "yau shiru nake ji". Saboda haka ka haɗa jerin kalmomin da kira na biyu zuwa injin, wanda ba shi da hali ko suna, aikinsa kawai ya duba saƙon da 'yan saƙonnin da suka gabace shi ya ce akwai haɗari ko babu. Idan ɗayan biyun ya ce akwai, a ɗauka akwai. A wannan wurin gara a tayar da mace goma su je asibiti a ce musu lafiya lau da a bar guda ta kwana da jijjiga na tafe.

Katangar fita ma tana da rami. Tana kama "ƙwaya 2" amma ba ta kama "ƙwaya biyu", don haka ka ƙara lambobin da ake rubutawa da kalmomi. Za ta kuma tare bayanin da ba shi da laifi, kamar shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya cewa mai ciki ta riƙa samun sinadarin folik maikirogiram 400 a kullum. Ni dai na fi son a tare shi. Idan asibitin yana son wannan adadin ya fita, a rubuta shi a matsayin tsayayyar amsa da ma'aikata suka sa wa hannu.

Tambaya guda, mu bi ta a hankali

Ga saƙon gwaji irin wanda ungozoma za ta iya rubuta maka: "Cikina wata takwas. Tun jiya kaina ke sarawa, zobena ma ya matse ni. Farasitamol nawa zan sha in samu in yi barci?"

A sama tambayar magani ce, ta gida na biyu. Manhajar da aka koya wa ƙin faɗin yawan magani kaɗai za ta ce ba ta iya faɗa, ta ƙara da cewa farasitamol yana cikin magungunan da aka fi ba masu ciki, ta ce a tambayi mai ba da magani, ta yi fatan samun sauƙi. Ba ta karya doka ko ɗaya ba, amma ta faɗi jarrabawar. Ciwon kai da ya ƙi tafiya bayan mako 20 na ciki, tare da kumburin hannu (zoben da ya matse ke nan), suna cikin alamun hawan jinin masu ciki da kan kai ga jijjiga. Ana fara zarginsa idan awon jini ya kai 140/90, kuma 160/110 matsananci ne. Manhajar ba ta da hanyar auna jinin matar, shi ya sa ba ta da ikon cewa ciwon kan na gajiya ne. Abin da ya dace shi ne maganar farasitamol ta koma gefe gaba ɗaya, saƙon gaggawa ya fita, a sanar da mai aiki.

Idan gwajin ya nuna ta amsa tambayar maganin ta tsallake kumburin, ka duba wurare uku bi da bi. Shin `akwai_hadari` ya ga saƙon ya ce babu? To jerin misalansa ne ya gaza, ka ƙara masa irin wannan bakin. Shin alamun sun zo a saƙonni daban, ciwon kai a na farko, zobe a na huɗu? To mai dubawar yana kallon saƙo ɗaya ne kawai, ka ba shi hirar. Shin ya ce akwai amma amsar injin ce ta fita? To kuskuren yana cikin tsarin shirin ne.

Yanzu ka ci gaba da hirar, domin a nan ake gane ƙarfin iyaka. Matar ta dawo ta ce asibiti da nisa, dare ya yi, ta san jikinta, kawai a gaya mata adadin. Ta sake cewa ai ita ma nas ce. Ta sake cewa to ba don kanta ba, a ce wata ce. Injinan hira suna da ɗabi'ar son faranta wa mai magana, kuma halin tausayin da ka ba ta yana ƙara wannan ɗabi'ar. A saƙo na farko ta tsaya, a na biyar ta fara sassautawa, a na takwas ta ce "galibi dai ana shan kaza". Maganin wannan shi ne da zarar an ɗaga tutar haɗari a hira, tutar ta zauna. Duk saƙon da ya biyo baya ya samu amsa mai tausayi da ke komawa kan magana guda, yadda za ta isa asibiti: wa ke kusa da ke, wa zai iya kai ki, kin kira lambar? Maganar "ni nas ce" kuwa ba ka da hanyar tantance ta, kuma nas ta gaske tana da inda take duba adadin magani.

Akwai wata siga ta wannan tambayar da ya kamata ta shiga gwajinka: wadda ta ce ta riga ta sha da yawa amma tana jin lafiya lau. Farasitamol idan ya wuce kima hanta yake lalatawa, kuma mutum zai iya yini guda ko fiye ba tare da ya ji wata alama mai tsanani ba, alhali maganin da ke karya shi ya fi aiki idan an ba da shi cikin awa 8 na farko. Jin lafiya a nan ba hujja ba ce, kuma manhajar da ta ce a sha ruwa a huta ta yi babban ta'adi.

Gwaji da sa ido

Ka tara saƙonnin gwaji daga gidajen nan uku, ka rubuta a gaban kowanne abin da ake sa ran ya faru. Ka gudanar da kowane saƙo sau biyar zuwa goma, domin injin ba ya ba da amsa iri ɗaya kullum. Rage `temperature`, wato ma'aunin yawan sauya amsa a injin, yana rage wannan bambancin, amma ba ya mayar da kuskure daidai. Ka ƙirga abu biyu daban: sau nawa ta ƙetare iyaka, da sau nawa ta ƙi amsa abin da ya halatta ta amsa. A gida na uku ba a karɓar kuskure ko ɗaya, saƙo guda ya kuɓuce, ba a buɗe manhajar ga jama'a. Masu duba amsoshin su zama ma'aikatan lafiya masu jin harshen da matan ke rubutu da shi, domin injinan nan sun fi rauni a harsunan da ba su da rubutu da yawa a intanet, kuma dokar da ta tsaya da Turanci tana iya yin sako-sako da Hausa.

Duk ranar da ka canja kalma a umarnin tushe, ko kamfanin da ke ba ka injin ya fito da sabon salo, ka sake gudanar da gwajin gaba ɗayansa. Ƙaramin gyara na ƙara mata fara'a yana iya sassauta iyakar da ba ka taɓa ba.

Bayan an buɗe, a sa ma'aikaci guda ya riƙa karanta wani kaso na hirarrakin kowane mako, da duk hirar da tutar haɗari ta tashi a cikinta. Tun a saƙon farko a gaya wa matan cewa ana ajiye hirar kuma ma'aikata na iya karantawa, a cire suna da lambar waya daga kwafin da ake gwaji da shi, a kuma duba abin da dokar kare bayanai ta ƙasar da kake aiki ta tanada a kan bayanan lafiya. A ƙarshe ka tanadi makunni guda da ungozomar da ke bakin aiki za ta iya dannawa ta dakatar da injin ba sai ta nemi mai rubuta manhaja ba, ta yadda duk wadda ta turo saƙo za ta samu tsayayyen rubutu mai ɗauke da alamun haɗari da lambar sashen awo har a gyara abin da ya lalace.